Cingam a Shadda, Kyandir a Tebur, Danƙon Sitika a Kula: Abin da Taron Suna Ya Bari

Washegarin sunan ɗan ƙanwata, a nan Kano, cikin watan Afrilu lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, aka wayi gari da ɓarna iri uku a gidan. Maigidan ya zauna kan cingam ɗin da wani yaro ya liƙa a benci, ya tashi da shi a bayan babbar rigarsa ta shadda ruwan toka, sabuwa fil da aka ɗinka domin sunan. Da daddare an ɗauke wuta, fitilar caji ta mutu, aka kunna jan kyandir a falo, ya narke ya malala kan farin ƙyallen tebur, ya ratsa har jikin teburin. Ga kuma kayan barka: kuloli, bokitai da robobin ajiyar abinci, kowanne da sitikar kamfani ko takardar farashi a jikinsa, yara mata sun ɓamɓare wasu sun bar baƙin danƙo. Da yake wanki da guga ne sana'ata, ni aka kira.

"Yaya, ka zo ka gani da idonka," in ji ta a waya. "Har an ɗora ruwan zafi za a jiƙa rigar da omo, na ce a dakata tukuna."

Dakatawar nan ita ta ceci rigar. Cingam da kakin kyandir da gam ɗin sitika ba irin tabon miya ko na zoɓo ba ne, wanda ke shiga zare ya rina shi. Su a sama suke zaune, kuma dukkansu ba sa jituwa da ruwa. Gindin cingam na zamani roba ce da aka harhaɗa, shi ya sa a wuni ana tauna shi yawu bai narkar da shi ba. Kyandir ɗin kasuwa galibi farafin ne, daga ɗanyen mai ake samo shi. Gam ɗin sitika kuwa an yi shi ne musamman don kada ya bushe. Abin da yawu da ruwan sama ba su iya masa ba, omo da cuɗa ba za su iya ba, sai dai su tura shi ciki. Makamai uku ne ke aiki a kansu: sanyi, zafi, da wani abu mai narkarwa kamar mai ko sifirit. Kowanne cikin ukun yana iya cire kowanne cikin ukun. Wanda za a ɗauka, abin da ke ƙarƙashi ne ke faɗa, wato yadin ko katakon ko robar, don makamin da ya ceci bokiti shi ne zai kashe tebur.

Rigar

Na shimfiɗa ta a kan tabarma a inuwa. Cingam ɗin ya kai faɗin murfin kwalbar lemo, amma maigidan ya riga ya gwada cire shi da farce tun a wurin taro, don haka ya yi jela biyu zuwa gefe, sirara, sun kwanta cikin saƙar. Wannan jelar ta fi uwar wuya. Curin da ke tsakiya yana da kauri, idan ya daskare zai tashi gaba ɗaya. Wanda aka shafe ya yi siriri ba shi da jikin da za a kama.

Wani abokin maigidan da ya zo yi masa ban gajiya ya ce a ɗiga fetur, shi haka yake yi wa wandonsa. Gaskiya ne fetur yana narkar da cingam, kananzir ma haka. Amma narkarwa ba cirewa ba ce. Idan cingam ya narke a kan shadda, sai ya bi man ya bazu, wuri kamar murfin kwalba ya koma kamar tafin hannu, ga zoben mai a gefe, ga warin da sai an wanke sau da yawa. Ga kuma gida cike da mata ana ta girki a kurfoti da gas. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, yana iya kai wa ga wutar da ke nesa da inda ake aikin. Na ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan a bar wa bakanike."

Man gyaɗa ma na ajiye shi gefe, duk da cewa yana aiki. Da rigar makarantar yaro ce ko wandon jins, da na shafa man, na bar shi minti goma, na goge da tsohon buroshin haƙori, na bi da sabulun ruwa na wanke-wanke, na wanke. Shadda kuwa darajarta a sheƙinta take, kuma sheƙin nan na kamfani ne, ana samun sa ne ta hanyar matse yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi. Kowane wanki yana rage shi. Duk hanyar da za ta tilasta a wanke sabuwar shadda, ko da ta cire cingam, ta ci wani abu daga kuɗin rigar.

Saura sanyi ke nan. Da akwai wuta, da an ninke rigar cingam yana waje, a sa ta a leda yadda ledar ba za ta taɓa shi ba, a jefa firiza awa ɗaya ko biyu. Babu wuta tun daren jiya, sai muka aika aka sayo ƙanƙara daga masu sayarwa a bakin titi. Na sa ta a leda biyu, na ƙulle, don ruwan da ke narkewa kada ya taɓa yadin. Ruwa a kan shadda mai sheƙi yana barin shaida idan ya bushe.

Akwai wani abu da zafin Kano ke koya wa mutum. Idan ka ɗora ƙanƙara a kan cingam, ya daskare, ka ɗauke ta don ka kankare, kafin ka gyara zama ya sake laushi. Don haka sai na juya tsarin: ƙanƙara a ƙasa, farantin silba a kife a kanta, yadin a kan farantin, cingam yana kallon sama. Ƙarfen yana ɗaukar sanyin yana ba wa cingam ta ƙasa, ni kuma ina aiki ta sama ba tare da sanyin ya yanke ba. A Afrilu iska a bushe take, farantin bai yi gumi sosai ba. Da damina ce, sai an riƙa ɗaga yadin ana goge shi.

Bayan kamar minti ashirin na ƙwanƙwasa shi da bayan cokali. Alamar ya yi ita ce ya daina lotsawa, ka ji ya yi tauri. Na lanƙwasa yadin ta ƙasa kaɗan, gefen curin ya ɗaga da kansa, na zura bakin cokali, ya ɓalle kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Cokali nake amfani da shi ko bayan wuƙa, ba kaifinta ba, ba kuma reza ba, domin zanen shadda zare ne da ke kwance a sama, kaifi na taɓa shi ya tsinke, wurin ya yi gashi. Kuma daga gefe ake turowa zuwa tsakiya, kada a ƙara wa ɓarnar fili.

Jelar nan biyu ta ɗauki lokaci fiye da curin. Na riƙa manna salatif a kai ina fizgewa da sauri yayin da wurin ke da sanyi, kowane karo da sabon yanki. Ƙananan ɓarɓashi suna biyo shi. Waɗanda suka maƙale a tsakanin zare na tsince su da tsinken sakace. Abin da ya rage ɗan dusu-dusu ne da ido ke gani idan an karkata yadin ga haske. A nan ne na ɗauko sifirit na kemis, marar launi. Kafin ya taɓa bayan rigar, na ɗiga shi a auduga na danna a cikin kalmasar ƙasa, inda ba mai gani. Audugar ta fito fara, ke nan rinin ba zai zuba ba. Shaddar da aka rina a gida, musamman mai duhu, sau da yawa takan bar launi a audugar, kuma idan ta bari to a tsaya nan, a haƙura da ɗan abin da ya saura. Na sa farin tsumma a ƙarƙashi, na riƙa dannawa da audugar ta sama, ba gogawa ba, ina sauya wurin tsumman.

Yadda ake gane an gama ba da ido ba ne. A bar wurin ya bushe ya dawo zafin ɗaki, a ɗora tishu a danna da yatsa, a ɗaga. Idan ya tashi salin-alin, an gama. Idan ya ɗan riƙe ko ya bar gashinsa, akwai saura. Wannan gwajin na da muhimmanci saboda abin da ke biyo baya shi ne guga, kuma cingam ɗin da dutsen guga ya hau ya zauna ke nan, ƙura ta bi shi, bayan sati biyu ya zama baƙin tabo. Saboda wannan dalilin ne ban yarda da dabarar da wasu ke yi ba, ta kifa cingam a kan kwali a goge ta baya don ya koma jikin kwalin. Rabi yana komawa, rabi yana nutsewa cikin saƙar.

Rigar ta fita, sai dai wurin ya ɗan dushe, idan ka san inda yake za ka gane. Aka kai wa masu bugu, suka daidaita shi da sauran jikin. Mun yi sa'a abin bai hau kan aikin wuya ba. Cingam a cikin zaren aiki sai tsinke da haƙuri kawai, kuma ba kasafai yake fita duka ba.

Ƙyallen tebur da teburin

Kyandir ya fi cingam sauƙin hali, don yana da iyakar da aka sani: farafin ɗin kyandir yana narkewa ne a wajen digiri 50 zuwa 65. Dutsen guga na lantarki kuwa a matakinsa mafi ƙasa, mai ɗigo ɗaya, yana kai wa wajen digiri 110. Mai ɗigo biyu 150, mai uku 200. Ke nan matakin ƙasa ya isa har ya yi yawa, ƙara wuta ba ya ƙara komai sai haɗarin ƙona yadi.

Ƙyallen fari ne, haɗin auduga da foliyesta. Kakin ya daskare tun dare, na ƙara masa ƙanƙara ya yi ƙaras, na lanƙwasa yadin ya farfashe, na kankare da cokali har sai da abin da ya rage ya zama wanda ya shiga zare kawai. Mutane suna gaggawar tsallake wannan matakin su tafi ga guga, alhali a kyandir mai launi shi ne rabin aikin. Jan da ke ciki rini ne da ke narke a cikin kakin. Duk kakin da ka bari ka narkar, ka sake ba rinin mota ya zaga cikin yadin.

Sannan na sa tishu ninki huɗu a ƙasa, ninki huɗu a sama. Ƙanwata ta miƙo tsohuwar jarida, na ce a'a, tawadar za ta koma jikin farin ƙyalle da zarar kaki mai zafi ya jiƙa ta. Farar takarda marar rubutu ko farin tsumman auduga duk suna yi. Da yake babu wuta, dutsen gawayi muka yi amfani da shi, shi kuwa ba shi da ɗigo ko maɓalli. Na rage gawayin, na bar shi ya huce, na gwada a kan takarda ita kaɗai: idan ta fara yin ruwan ƙasa cikin 'yan daƙiƙu, zafin ya yi yawa. Ana ɗora dutsen ne a ƙirga biyar a ɗaga, ba a jan sa. Za ka ga takardar ta yi tabon maiƙo. Sai a matsa zuwa wuri mai tsabta a sake. Idan aka ci gaba da dannawa a kan takardar da ta riga ta ƙoshi, kakin komawa yake yi. Ana tsayawa ne lokacin da sabuwar takarda ta fito ba tabo. Mai dutsen lantarki ya kashe tururi, don ruwa ba shi da aikin yi a nan.

Abu biyu suka rage: inuwar maiƙo da launin ja-ja. Maiƙon ya tafi da sabulun wanke-wanke da aka shafa aka bari minti goma sha biyar, aka wanke da ruwa mai ɗumi sosai. Jan ya ragu da sifirit, ya koma ruwan hoda mai haske. Da zallar auduga ce fara, da na jiƙa ta a bilic da aka tsarma da ruwa, bayan an ɗauraye sifirit ɗin tas, don ba a haɗa bilic da wani sinadari. Da yake akwai foliyesta a ciki, kuma bilic yakan sa irin waɗannan yadin su yi ɗorawa-ɗorawa, sai na ce a wanke a shanya a rana kawai. Har yanzu akwai 'yar inuwa, wadda sai an nuna maka.

Teburin ne ya fi bukatar a tsaya a duba. Hajiya, surukar ƙanwata, tana zaune tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, ai sai ka ɗora masa dutsen shi ma, tunda ga shi da zafinsa."

Na ce, "Hajiya, bari in leƙa ƙarƙashinsa tukuna."

Na kifa shi. Ta sama kamar katakon maɗaci, da jijiyoyinsa da komai. Ta ƙasa kuwa, a ramin kusoshi, gari ne a matse, babu jijiya ko ɗaya. Irin allon nan ne da kafintoci ke kira MDF, an manna masa siririyar takarda mai hoton katako, an bi gefensa da tef. Yawancin kayan ɗakin da ake yi wa amare yanzu shi ne. Abu biyu ne ajalinsa. Zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe takardar da tef ɗin gefe, su kumbura ko su ɗaga. Ruwa kuma idan ya sami ƙofa ta gefe ko ta wani ƙarce, allon ya sha ya kumbura, kuma ba ya komawa. Dutsen gugan da ya yi wa ƙyalle aiki, a nan da ya bar tambarinsa.

Sai na ɗora ƙanƙarar a leda, na naɗe ta a tsumma, minti biyu ko uku kawai, na ɗauke na share danshin nan take. Na kankare da tsohon katin banki, a kwance, ina bin tsawon zanen. Roba ce, ta fi kaki tauri amma ba ta kai ta ƙarce fuskar tebur ba. Kakin ya riƙa tashi falle-falle. Ɗan santsin da ya rage na goge shi da busasshen tsumma mai laushi, da ƙarfi kaɗan, zafin gugar kansa ya isa ya kwashe shi. Ba sifirit, ba tina, ba ruwan goge farce. Ko a katako na gaske wanda aka fesa wa man sheƙi, waɗannan ukun suna iya cin fentin, don da irinsu ake tsarma shi tun farko. Wanda ya ga dole sai ya gwada, ya fara da cikin ƙafar tebur: idan audugar ta ɗauko launi ko wurin ya yi danƙo, ya tsaya.

A inda aka dasa kyandir ɗin, ya ci har gindinsa, lagwanin ya faɗi ya ƙona takardar, baƙin ɗigo kamar ƙwayar wake. Wannan ba kaki ba ne, ƙuna ce, babu abin da za a cire. Na gaya musu gaskiya: ko a ɗora wani abu a kai, ko kafinta ya sake wa saman takarda. Da katako ne na gaske, da an goge wurin da samfefa an sake fesawa.

Bencin tsakar gida, wanda aka ɗora wani kyandir ɗin a kansa, shi akasin haka ne. Ɗanyen katako ne ba fenti, kakin ya shige ramukansa, kati ba ya kai wa. Shi ne ya karɓi dutsen guga da takarda, irin yadda aka yi wa ƙyallen, ya fita ya bar ɗan duhu kamar an shafa mai.

Kayan roba

Kafin in iso an riga an yi wa biyu illa. Wata kula ja an dirje ta da soson ƙarfe, danƙon ya tafi amma gefen ya yi fari-fari da ƙarce. Wani murfi kuma mai garai-garai kamar gilashi, an goge shi da ruwan goge farce, ya yi hazo. Yarinyar da ta yi tana ta ƙara gogawa, a zatonta sauran gam ne.

Na ce ta kawo. Na shafa da bayan yatsa. Gam yana kama fata, wannan kuwa ba ya kamawa, sai kaushi. Asiton ɗin da ke cikin ruwan goge farce ya narkar da fuskar robar kanta, ta sake daskarewa a yamutse. Babu sabulu ko man da zai dawo da ita.

Robobi ba ɗaya ba ne, kuma yawanci suna faɗin sunansu a gindi, a cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku. Mai lamba 5 da PP, ko lamba 2 da HDPE, su ne bokitai da bahuna da jarkoki, masu ɗan laushi, ba sa ganuwa garau. Waɗannan suna jure ruwan zafi da yawancin abubuwan gogewa. Mai lamba 6 da PS, da sauran masu tauri masu garai-garai waɗanda ke ƙara idan an ƙwanƙwasa, su ne asiton ke ci nan take, wasunsu ma sifirit yana sa su yi ƙananan tsaga. Mai lamba 1, irin gorar ruwa, ruwa mai tsananin zafi yana lanƙwasa ta. Wanda ba shi da lamba, a ɗauke shi a matsayin mai rauni.

Da bokitai na fara, waɗanda sitikarsu ke nan ba a taɓa ba. Na cika su da ruwan zafi, ba tafasasshe ba, har ya wuce saitin sitikar, na bari minti biyar. Zafin yana ratsa robar ya sami gam ɗin ta baya, daidai inda ake so. Na ɗaga kusurwa da farce na riƙa ja sannu a hankali, ina kwantar da takardar baya. Gam mai ɗumi idan an ja shi a hankali yana bin takardarsa. Idan aka fizge, takardar ta tafi ta bar shi. Yawancin baƙin danƙon da ake gani a kayan roba daga fizga ya samo asali, sannan ƙura ta zo ta zauna a kai.

Ƙanwata ta ce a zuba wa kulolin ruwan su ma. Na ce ta zuba ta taɓa bayan kular ta ji. Ta taɓa, sanyi ƙalau. Kula bango biyu gare ta da abin tsare zafi a tsakani, aikinta ke nan ta hana zafin ciki fitowa. Ta waje za a ɗumama ta. Muka jera su a rana, sitika na kallon sama, kwata na awa, suka ɓare lafiya. Mai wuta zai iya amfani da na'urar busar da gashi daga nesa kaɗan, yana motsa ta. Amma rana ta ɗan lokaci ce ke taimako. Kayan da suka yi watanni a baje a bakin shago suna shan rana, gam ɗinsu ya riga ya gasu, takardar tana marmashewa, ɗumi ba ya ƙara musu komai. Biyu daga cikin kulolin haka suke, suka shiga layin waɗanda aka riga aka ɓamɓare.

Su kuma man gyaɗa ne maganinsu, man nan da na hana a sa wa shadda. Roba ba ta shan sa yadda yadi ke sha, kuma abinci ne, ba abin tsoro a jikin mazubin abinci. Inda sauran takarda take, sai an fara kankare fuskarta mai santsi da kati, in ba haka ba man zai zauna a sama bai kai ga gam ɗin ba. Na jiƙa tishu da man, na manna a wurin don kada ya gangare, na bari rabin awa. Jiran nan shi ne aikin. Wanda ya shafa ya hau gogawa nan take zai ce man ba ya yi. Bayan rabin awa na goge da tsumma mai ɗan kaushi, danƙon ya riƙa naɗewa yana fita baƙi-baƙi. Aka bi da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. A kan kulolin nan biyu da suka gasu, na kwaɓa cokali ɗaya na mai da cokali ɗaya na bekin soda, don garin ya ba tsumman abin kamawa. Wannan haɗin ban sa shi a murafe masu garai-garai ba, yana iya dusar da su, su mai zalla suka samu, sau biyu.

Kananzir ya fi man gyaɗa sauri, ba musu, kuma a kujerar roba ta tsakar gida ko bayan bokitin wanki ba ni da ja. A kula da robar abinci kuwa ban yarda ba. Irin robar nan tana riƙe warinsa, a wanke a sake wankewa, tuwon da aka zuba da zafi ya fito da shi.

Jar kular da aka dirje tana aiki yadda take, sai dai ƙarcen zai riƙa kama datti, dole a riƙa bin sa da buroshi. Murfin da ya yi hazo Hajiya ta ce a ba ta, za ta riƙa rufe daddawa da shi.